Karatun Takardar Gwajin Zuciya: Daga Tsarin Bugu Zuwa Layin ST

A yawancin asibitocinmu ba likita ne ke fara riƙe takardar gwajin zuciya ba. Ma'aikaciyar jinya ce ke kwantar da mara lafiya, ta manna masa wayoyi, ta danna na'ura, ta yago takardar nan mai ruwan hoda da ƙananan gidaje wadda ake kira ECG. Sau da yawa likita yana wani ɗaki, ko yana tiyata, ko kuma dare ne sai an buga masa waya. Tsakanin fitowar takardar da isowar likita ana iya yin minti biyar, ana iya yin awa biyu, kuma wadda ta yago takardar ita ce ke yanke wannan tazara. In ta gane abin da ke ciki, za ta tashi tsaye. In ba ta gane ba, za ta ninke ta ta saka a fayil, tsokar zuciyar mutum kuwa tana can tana mutuwa.

Ba a neman ɗalibin jinya ya zama ƙwararren likitan zuciya. Abin da ake nema shi ne ya iya bin takardar daki-daki, a kan tsari ɗaya da ba ya canzawa: ya tabbatar takardar ingantacciya ce, ya ƙirga saurin bugu, ya duba tsarinsa, ya auna tazarori biyu, sannan ya isa ga layin ST. Yawancin kurakuran sabon shiga daga gaggawa suke zuwa, ido ya tsallake komai ya dira kan abin da ya fi tsini. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda ya saba da tsarin nan yana gama shi cikin minti ɗaya ko biyu.

Abin da na'urar ke rubutawa

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma ba ta matsewa sai 'yar wutar lantarki ta ratsa tsokarta. Wutar tana tasowa ne daga wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama, ƙullin SA, wanda ke kunna ta sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Tana bazuwa a ɗakunan sama, sai su matse su tura jini ƙasa. Daga nan ta isa ƙulli na biyu, ƙullin AV, inda take ɗan dakatawa domin ɗakunan ƙasa su cika, sannan ta gangara da gudu ta ratsa su, su kuma su harba jini zuwa huhu da sauran jiki.

Kowane mataki yana barin alama a takarda. Ɗan ƙaramin tudu na farko shi ne P, wato wuta ta ratsa ɗakunan sama. Tsinin da ke biye shi ne QRS, wuta ta ratsa ɗakunan ƙasa, kuma ƙololuwarsa ta sama ita ce R. Tudu mai faɗi na ƙarshe shi ne T, lokacin da ɗakunan ƙasa ke komawa hutu suna shirin bugu na gaba. Ɗan layin da ke tsakanin ƙarshen QRS da farkon T shi ne ST. Wanda ya raɗa waɗannan haruffa shi ne Willem Einthoven na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan, wanda ya sami kyautar Nobel a 1924 saboda wannan aiki. Na'urarsa ta farko ta kai nauyin kilo 270, kuma mara lafiya sai ya tsoma hannaye da ƙafa a bokitan ruwan gishiri kafin a ɗauki gwajin.

Abu ɗaya ya kamata ya zauna a ran ɗalibi tun yanzu: takardar wuta take nunawa, ba ta nuna ƙarfin matsewar zuciya. Ana iya ganin zane mai kyau a allo alhali zuciya ba ta tura jini ko kaɗan. Shi ya sa ido ke fara sauka kan mara lafiya, yatsa kuma kan jijiyar bugunsa, kafin a koma ga takarda.

Wayoyi goma, mahanga goma sha biyu

Ana manna wayoyi goma, huɗu a gaɓoɓi, shida a ƙirji, na'ura kuma ta haɗa su ta fitar da mahanga goma sha biyu, waɗanda a asibiti ake kira lid: I, II, III, aVR, aVL, aVF, da V1 zuwa V6. Abin ya yi kama da 'yan kallo goma sha biyu da suka kewaye filin dambe. Faɗa ɗaya ake yi, amma wanda ke gabas yana ganin abin da ya ɓoye wa na yamma. Mahangar II da III da aVF suna kallon zuciya daga ƙasa. V1 zuwa V4 suna kallon gabanta. I da aVL da V5 da V6 suna kallon gefenta na hagu.

In an zaunar da ɗan kallo a wurin da ba nasa ba, labarin da zai bayar ba zai zama daidai ba. A shafa ƙashin ƙirji daga sama, za a ji wani ɗan tudu, haƙarƙari na biyu yana daidai da shi. Daga nan a ƙirga ramukan da ke tsakanin haƙarƙari. V1 tana rami na huɗu a gefen dama na ƙashin ƙirji, V2 tana rami na huɗu a gefen hagu. V4 tana rami na biyar, a kan layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin wuya na hagu, V3 kuma tsakanin V2 da V4. V5 da V6 suna jere da V4 a tsayi ɗaya, V5 a gaban hammata, V6 a tsakiyarta. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora V1 da V2 can sama kusa da wuya, abin da ke ƙago ciwon da babu shi a takarda. Ga mace, V4 zuwa V6 ƙarƙashin mama ake manna su. A nemi izininta, a ja labule, a rufa mata zane, in da hali mace 'yar'uwarta ta yi aikin, domin jin kunya shi ke sa a manna waya a inda ya sawwaƙa maimakon inda ya dace.

Launin wayoyin gaɓoɓi ya bambanta tsakanin na'urorin Turai da na Amurka, saboda haka haruffan da ke jikin waya za a karanta, kada a dogara da launi. In aka musanya wayar hannun dama da ta hagu, za a ga P da QRS da T duk sun kife a mahangar I, su kuma miƙe a aVR, inda aka saba ganinsu a kife. Duk wanda ya ga haka ya koma ya duba wayoyinsa kafin ya tayar wa kowa da hankali. Haka nan rawar sanyi ta hunturu ko ta zazzaɓi tana cika takarda da ƙananan karkarwa masu kama da rikicewar bugu. A lulluɓe mara lafiya, a bar shi ya natsu, a sake ɗauka.

Ma'aunin takarda

Kafin karatu a duba suna da rana da lokaci, sannan a nemi rubutu biyu a gefen takarda: 25 mm/s da 10 mm/mV. Na farko yana nufin takarda tana tafiyar milimita 25 a sakan ɗaya. Da wannan sauri, ƙaramin gida ɗaya sakan 0.04 ne, babban gida mai ƙananan gidaje biyar kuma sakan 0.2 ne. Manyan gidaje biyar sakan ɗaya ke nan, 300 kuma minti ɗaya. Rubutu na biyu na tsayi ne, kuma ƙaramin gida ɗaya a tsaye milimita ɗaya ne. In wani ya taɓa saitin ya mai da shi 50 mm/s, komai zai miƙe ya ninka faɗi, zuciya mai lafiya ta zama kamar mai tafiyar hawainiya a idon mai ƙirga.

Sauri da tsari

Tunda minti ɗaya manyan gidaje 300 ne, ƙirga sauri ba wuya. A ƙirga manyan gidajen da ke tsakanin R ɗaya da R mai bi mata, a raba 300 da wannan adadi. Gida uku bugu 100 ne a minti, huɗu 75, biyar 60, shida 50. Wannan hanya tana aiki ne kawai idan tazarar bugu daidai take. In ba daidai take ba, a koma ga dogon layin da ke ƙasan takarda, wanda yawanci mahangar II ce ta tsawon sakan 10, a ƙirga QRS nawa ke ciki, a ninka sau 6.

Don gane ko tazara daidai take, a ɗauki 'yar farar takarda a ɗora gefenta a kan dogon layin, a yi ɗigo daidai ƙololuwar R uku a jere, sannan a matsa da ita gaba. In ɗigon ya ci gaba da faɗawa kan R, tsarin daidai yake. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan mataki: shin kowane QRS yana da P a gabansa, kowane P kuma yana da QRS a bayansa? In haka ne, kuma P a miƙe yake a mahangar I da II, to ƙullin SA ne ke jan ragama, tsarin lafiya ke nan.

Tsarin yana iya zama na lafiya amma saurin ya wuce 100. A nan zuciya ba ita ce mai laifi ba, amsa kira take yi. Zazzaɓi, ƙarancin jini, zubar jini bayan haihuwa, bushewar jiki daga amai da gudawa, zafin ciwo ko tsoro, duk suna sa ta gudu, kuma dalilin ake nema a magance. Saurin da bai kai 60 ba kuwa yana iya zama lafiya ga matashi mai aikin ƙarfi, ko ya zo daga wasu magungunan hawan jini. Abin da ke raba gardama shi ne halin mutumin: jiri, suma, ko faɗuwar awon jini.

Idan ɗigon farar takarda ya ƙi faɗawa kan R ta kowace fuska, aka kuma nemi P aka rasa, sai 'yar karkarwa a layi, to wannan shi ne abin da ake rubutawa AF. Ɗakunan sama sun daina matsewa, rawa kawai suke yi. Jini yana iya kwanciya a cikinsu ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashenmu ana yawan ganinsa ga masu daɗaɗɗen hawan jini, da kuma matasan da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata musu ƙofofin zuciya.

Tazarori biyu

Tazara ta farko ita ce PR, daga farkon P zuwa farkon QRS. Ta lafiya ƙananan gidaje uku zuwa biyar ce, wato sakan 0.12 zuwa 0.20. In ta wuce babban gida ɗaya, wuta tana jinkiri a ƙullin AV. In ana ganin wasu P da ba QRS a bayansu, wani saƙon yana faɗuwa a hanya. In kuwa P suna tafiyarsu, QRS suna tasu a hankali, sau 30 ko 40 a minti, babu ruwan wani da wani, to hanya ta yanke gaba ɗaya, kuma wannan kiran likita ne nan take.

Tazara ta biyu faɗin QRS ne, wanda bai kamata ya kai ƙananan gidaje uku ba. Siririn QRS yana nuna wuta ta bi hanyarta ta asali. Mai faɗi yana nuna ko dai wani reshen hanyar ya toshe, ko bugun daga ɗakunan ƙasa ya taso. QRS masu faɗi da ke zuwa a guje, babu P, abin tsoro ne. A taɓa jijiyar wuya. In babu bugu, ko allo ya koma zane barkatai marar siffa kuma mutum ba ya amsawa, a ajiye takarda, a yi kururuwar neman taimako, a fara danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ɗauko na'urar jan wuta. Auna QRS kafin ST yana da wani dalilin kuma: idan QRS yana da faɗi, layin ST yakan kauce da kansa, ƙa'idojin da ke tafe ba za su yi aiki kai tsaye ba.

Layin ST

Me ya sa ST yake a shimfiɗe ga mai lafiya? A wannan ɗan lokaci wuta ta gama ratsa dukan tsokar ɗakunan ƙasa, kowane sashe yana hali ɗaya da ɗan'uwansa, babu bambancin da na'ura za ta rubuta. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, sashen da ya rasa jini ba ya iya riƙe wutarsa kamar maƙwabtansa. Wannan bambanci shi ke ɗaga layin ko ya dannar da shi.

Ana auna shi daga wurin da QRS ya ƙare ST ya fara, wanda ake kira ɗigon J. A ɗora gefen farar takarda a kan shimfiɗaɗɗen layin da ke gaban QRS, a ƙirga ƙananan gidaje nawa ɗigon J ya hau sama da shi. Ƙa'idar da likitocin zuciya suka amince da ita ita ce hawan milimita 1 ko fiye a mahanga biyu masu maƙwabtaka. V2 da V3 ne kaɗai ke da nasu ma'auni, domin a can ST yakan ɗan hau ko ga mai lafiya: milimita 2 ga namiji mai shekara 40 zuwa sama, 2.5 ga wanda bai kai 40 ba, 1.5 ga mace. Maƙwabtaka a nan tana nufin mahangai masu kallon sashe ɗaya na zuciya, ko da sun yi nisa da juna a takarda. Hawa a II da aVF magana ɗaya suke yi, hawa a III kaɗai bai isa hujja ba.

Akwai shaida ta biyu mai ƙarfi. Ɗan damben da aka tura ya matso kusa da 'yan kallon gabas ya yi nisa da na yamma. Haka idan ST ya hau a II da III da aVF, yakan sauka a aVL, wani lokaci har da I. Ganin hawa a ɓangare ɗaya da sauka a kishiyarsa yana ƙarfafa cewa toshewar jijiya ce ta gaske. Wannan hoto shi ake rubutawa STEMI.

Saukar ST ita ma magana ce. Saukar rabin milimita ko fiye, a kwance ko tana gangarawa, a mahanga biyu masu maƙwabtaka, tana nuna jini bai wadaci tsoka ba, galibi saboda jijiya ta ƙuntata ba ta gama toshewa ba. Amma saukar da ta tsaya a V1 zuwa V3 tana iya zama kishiyar hawan da ke bayan zuciya, inda babu mahangar da ke kallo. A irin wannan hali ana mai da wayoyi uku baya, ƙarƙashin allon kafaɗar hagu, a ɗauki V7 zuwa V9.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka an kawo wani dattijo mai shekara 58 sashen gaggawa da misalin ƙarfe goma na dare. Yana da ciwon suga da hawan jini. Ya dafe saman cikinsa, ya yi amai sau biyu, rigarsa ta jiƙe da gumi duk da ana sanyi.

"Baba, ina ne ke maka ciwo?"

"'Yata, olsa ce ta tashi tun bayan magariba. Na sha maganinta, ta ƙi kwanciya."

"Ciwon yana tafiya wani wuri?"

"Yana hawa muƙamuƙina, kafaɗar nan ma ta yi nauyi."

Shekarunsa, ciwon suga, gumi mai sanyi da ciwon da ke hawa muƙamuƙi sun isa a ɗauki ECG cikin minti 10 da isowarsa, ko da shi ya ce olsa ce. Awon jininsa 90/60. Takarda ta fito, saitinta 25 mm/s da 10 mm/mV, aVR a kife yadda aka saba, saboda haka wayoyi suna daidai.

Tsakanin R da R manyan gidaje shida ne, 300 a raba da 6, bugu 50 a minti. Ɗigon farar takarda yana faɗawa kan kowace R, kuma kowane QRS yana da P a gabansa. PR ƙananan gidaje shida ne, sakan 0.24, ya wuce iyaka. QRS ƙananan gidaje biyu ne, siriri, don haka ana iya amincewa da abin da ST zai faɗa. ST ya hau milimita 2 a II, 3 a III, 3 a aVF, ya kuma sauka milimita 2 a aVL.

Duk waɗannan labari ɗaya ne. Ƙasan zuciya ne ya rasa jini, kuma jijiyar da ke ciyar da wannan sashe a yawancin mutane ita ce ta dama. Hawan da ya fi yawa a III a kan II yana ƙara nuna ita ce. Ita ce kuma ke ciyar da ƙullin AV a yawancin mutane, abin da ya sa PR ta tsawaita. Da an tsallake zuwa ST kai tsaye, da ba a lura da wannan gargaɗi ba, alhali hanyar wutar tana iya yankewa gaba ɗaya cikin daren.

Saura mataki ɗaya da ke raba ƙwararriya da mai koyo. Jijiyar dama tana ciyar da ɗakin ƙasa na dama, saboda haka a mai da wayar V4 zuwa wuri irin nata a ɓangaren dama na ƙirji, a sake ɗauka, a rubuta V4R a kai da biro. Ga wannan dattijo ST ya hau milimita 1 a can. Ma'anarsa ɗakin dama ya taɓu, kuma ƙwayar nan ta ciwon ƙirji da ake sa wa ƙarƙashin harshe, GTN, tana iya zubar masa da awon jini gaba ɗaya. Ba a ba shi ita.

Kiran likita ya zama gajere mai cika: "Likita, namiji ne ɗan shekara 58 mai ciwon suga, ciwon saman ciki da gumi tun awa uku. Awon jini 90/60, bugu 50. ST ya hau milimita 2 zuwa 3 a II, III da aVF, ya sauka a aVL, ya hau a V4R. PR sakan 0.24. Ina buƙatarka yanzu." Kafin ya iso, a kwantar da dattijon, a buɗe hanyar ruwa a jijiya, a jona shi da allo in akwai, a matso da na'urar jan wuta kusa. Da umarnin likita ana ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, bayan an tambaya ko yana zubar jini ko jikinsa yana ƙin maganin. Iskar oksijin sai in awonta ya gaza kashi 90. Kada a yi masa allurar kashe ciwo a ɗuwawu, domin in za a ba shi maganin narkar da gudan jini, wurin allurar zai yi ta tara jini. Wannan magani yana da amfani cikin awa 12 na farko, amma amfaninsa ya fi yawa a awannin farko, kuma kowane jinkiri tsoka ce ke mutuwa ba ta dawowa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abubuwan da ke ruɗar ido

Ba kowane hawan ST ne toshewar jijiya ba, kuma wasu masu kama da shi sun fi yawa a wurinmu. Samari da yawa baƙar fata masu ƙoshin lafiya suna da ɗan hawan ST a mahangan ƙirji, mai lotsawa a tsakiya, ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma babu sauka a kishiyarsa. Kumburin jakar da ke lulluɓe da zuciya, wanda tarin tibi ke cikin manyan masu jawo shi a Afirka, yana ɗaga ST a kusan dukan mahangai lokaci guda ba tare da bin sashe ɗaya ba, kuma ciwon yakan ragu in mutum ya zauna ya sunkuya gaba. Daɗaɗɗen hawan jini yana kaurara tsokar ɗakin hagu, sai a ga dogayen QRS tare da ST mai gangarawa da T a kife a V5 da V6.

Gishirin jiki ma yana rubuta nasa. Mai ciwon ƙoda da fotasiyam ya taru masa yakan nuna T dogaye masu tsini, daga baya QRS ya yi faɗi, kuma wannan ma gaggawa ce. Wanda amai da gudawa suka kwashe masa fotasiyam kuwa T ɗinsa kan kwanta, ST ya sauka. Maganin zuciya na digoksin yana sa ST ya lotsa ƙasa, don haka a tambayi magungunan da mutum ke sha. Na'ura takan buga nata hukunci a saman takarda, amma tana kuskure ta kowane ɓangare, kuma ba ta ga gumin da ke goshin mara lafiya ba.

Rarrabe waɗannan aikin likita ne. Aikin mai jinya shi ne ta gani, ta auna, ta nemo tsohuwar takarda in akwai a gwada su, ta kai rahoto. Kishiyar wannan ma gaskiya ce: takarda mai kyau ba ta wanke mai ciwon ƙirji ba. A farkon toshewa ST yana iya zama a shimfiɗe. In ciwo yana nan, a maimaita gwajin kowane minti 15 zuwa 30, a rubuta lokaci a kan kowace takarda, a kuma ɗauki jini don gwajin tirofonin, wanda ke nuna ko tsokar zuciya ta ji rauni.

Kira

Ga ɗaliban jinya, wannan karatu a hannu yake zama. Duk takardar ECG da ta ratsa gabanku a ɗakin marasa lafiya, ku bi ta mataki-mataki, ku rubuta abin da kuka gani kafin ku karanta hukuncin likita, sannan ku gwada. Ku yawaita karanta takardun masu lafiya, domin idon da ya ƙoshi da ganin daidai shi ke saurin gane karkatacce. Ga shugabannin asibitoci, na'ura ta zauna a sashen gaggawa da takardarta da cajinta dare da rana, kada a kulle ta a ofis sai safe, kuma a ba ma'aikatan jinya ikon ɗaukar gwajin ba tare da jiran sa hannu ba. Ga sauran masu karatu kuwa, duk wanda ya haura shekara 40, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, ya ji nauyi a ƙirji ko saman ciki tare da gumi, amai ko sarƙewar numfashi, kada ya yanke wa kansa hukuncin olsa ya kwanta. A kai shi asibiti nan take, a kuma nemi a yi masa gwajin zuciya da isarsa.